Mahaifinmu a gida ya rasu, ina za mu samo takardar shaidar mutuwa?

Tambaya: Mahaifinmu tsohon malamin firamare ne, ya rasu a gida a wani ƙauye kusa da Ringim, shekara biyu ke nan. Ofishin fansho sun ce sai da takardar shaidar mutuwa. Wani ya ce in mun biya zai samo mana ta asibiti. Mu ba shi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kada ka ba shi ko sisi.

Takardu biyu ne ake cakuɗawa. Ta asibiti likitan da ya duba mamaci ne ke rubuta ta, ya faɗi abin da ya yi ajalinsa. Ta rajistar mutuwa kuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa bisa dokar 1992, kuma wanda ya cika a kan tabarmarsa yana da haƙƙin samunta. Ka karɓi wasiƙar dagaci ko hakimi mai ɗauke da ranar rasuwa, a haɗa da shaidar limamin da ya sallace shi, ka yi takardar rantsuwa a kotu tunda an daɗe, sannan ka kai wa jami'in hukumar a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ka tsaya a kansa ya rubuta sunan daidai da na katin NIN da na banki. Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa ya kwantar da fayil wata da watanni.

Masu sayar da ta asibitin nan sun ishe ni, kullum sai an kawo mini ɓarnarsu. Ofishin fansho na iya aikawa asibitin a duba rajista, a tarar Baba bai taɓa kwanciya can ba, daga nan fayil ya tsaya, kai da ka miƙa ta kuma ka koma wanda ake tuhuma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwanan wata, don ɗan damfara ranar da ta zo bakinsa yake rubutawa. A ce uba ya rasu a Janairu, babban ɗansa ya bi shi a Maris. Ɗan ya gaji uban, rabonsa ya sauka ga matarsa da 'ya'yansa. In takardar bogi ta ce Afrilu uban ya rasu, an juya gadon ke nan: marayun sun fita daga gonar kakansu, baffanninsu sun shamakance su. Dukiyar marayu ce fa, saboda hatimin dubu kaɗan!

Kuma in fanshonsa ya ci gaba da shiga bayan rasuwar, kada a taɓa, da wannan ranar za a lissafa a cire.

Ko ta gaskiyar ba ta raba gado. Ita ce ke buɗe ƙofa: ka kai ta kotun shari'ar Musulunci a tantance magada, banki da masu fansho kuma sukan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Gona ma sai da takardar rabon gadon za a sauya suna. Ta asalin ka riƙe ta, kwafi za ka riƙa miƙawa.