Sakamakon gwajin ƙwayoyin cuta na gyambo

"Gyambon ƙafata ya ƙi warkewa. Takardar gwaji ta nuna Staphylococcus aureus, da S da R a gaban magunguna. Wanne zan sha?"

Malam, S na nufin maganin yana aiki a kan ƙwayar cutar, R kuma ƙwayar ta fi ƙarfinsa. Fara duba layin cefoxitin ko oxacillin. In R ne, MRSA ke gare ka, wato nau'in ƙwayar da ke bijire wa magunguna dangin penicillin, kuma cloxacillin da cephalexin ba za su yi komai ba. Sai likita ya duba masu S, kamar doxycycline ko co-trimoxazole. Hattara da clindamycin: in erythromycin R ne, a nemi D-test tukuna, wato gwajin da ke tabbatar da ko clindamycin zai yi aiki, don maganin yakan nuna S ya gaza a jiki.

Lambobin MIC kuwa, wato mafi ƙarancin maganin da ke hana ƙwayar haɓaka, kada ka gwada na wannan magani da na wancan. Kowanne da ma'auninsa.

Ina kuma aka ɗebo samfurin? In saman gyambon aka shafa ba a wanke ba, wataƙila ƙwayoyi 'yan zaman fata aka kama. In akwai mugunya a ƙasa, sai an tsage an fitar.