Saƙon farko ga Alhajin da bai san ka ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina ɗaukar hoton kaya wa masu shaguna, musamman atamfa da shadda. Ina samun lambobin 'yan Kantin Kwari in tura musu saƙo ta WhatsApp, sai su karanta su yi shiru. Yaya zan rubuta a amsa mini ba tare da na zama kamar mai talla ba? Daga wani matashi a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da tunanin inda saƙon yake sauka. Alhaji yana cikin shago, mai saye na tsaye a gabansa, yaro na jiran a ba shi kuɗin ɗan dako. Waya ta yi ƙara, ya duba, baƙuwar lamba ce, kuma WhatsApp ya ajiye masa maɓallin Block a kusa. Layin farko kawai zai gani kafin ya yanke hukunci, kuma abin da yake tambayar kansa shi ne, wane ne wannan, wa ya ba shi lambata? 'Yan damfara sun sa kowane ɗan kasuwa a Kano ya koyi wannan taka-tsantsan, kuma yana da gaskiya.

Shi ya sa tura "Salam" kaɗai ka zauna jira yake kashe maganar tun ba a fara ba. A zaure, gaisuwa tana tafiya daki-daki domin ana ganin fuskarka. A waya babu fuska, don haka sallama da sunanka da hanyar da ka samu lambar su zo cikin saƙo guda. Idan wani wanda ya sani ne ya ba ka lambar, nemi izininsa ka ambace shi, domin sunan nan ya fi duk wani bayani nauyi. Idan a allon shago ka gani, faɗi haka. Kada ka ƙirƙiro sanayya, 'yan Kwari sun san juna, kira ɗaya zai tona ka.

Sai abin da ya fi wuya, wato ka faɗi magana wadda shi kaɗai ta dace da shi. Ana gane talla ne idan za a iya tura saƙon ga mutum ɗari ba a canza ko harafi ba. A sana'arka akwai matsalar da masu sayar da yadi suka sani sarai: shadda tana da ƙyalli, fitilar shago tana canza mata kala a hoto, mai saye daga Kaduna ko Maraɗi ya karɓi kaya ya ce ba ita ya zaɓa ba. Duba hotunan da Alhajin yake sakawa, ka gina tambayarka a kansu:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Sunana wane, Malam wane na layinku ne ya ba ni lambarku. Ina ɗaukar hoton yadi. Na ga shaddar da kuka saka jiya, mai ruwan toka, a hoton ta ɗan koma shuɗi. Masu saye daga nesa sukan yi muku ƙorafin kala kuwa?"

Ka lura ba ka ɓoye sana'arka ba. Ina ƙin dabarar nan ta yin kamar mai saye, sai an amsa sannan a fito da talla, domin yaudara ce kuma mutum ba ya mantawa. Amma babu farashi a ciki, babu hotuna goma, babu mahaɗin da za a latsa. Tambaya ɗaya ce, wadda zai iya amsawa da "wallahi ana yi" yana ba wani canji. Idan ka ce "yaushe za mu zauna?", ka nemi lokacinsa alhali bai san ka ba. Saƙon murya ma bar shi sai ya fara yi maka, don sauraronsa cikin hayaniyar kasuwa aiki ne. Kuma kada ka dogara da Broadcast, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba.

Ka tura da safe kafin kasuwa ta cika, ko bayan Isha'i kaɗan. Guji lokacin Juma'a da makon jajiberin Sallah.

Idan ya yi shiru, ba shi kwana uku ko huɗu, ka sake turawa sau ɗaya da wani abu a hannu: "Alhaji, in kun yarda in zo in ɗauki hoton turmi ɗaya a hasken rana ku gwada, ba sai kun biya ba." Kada ka rubuta "na ga kun karanta", wannan tuhuma ce. In na biyun ma bai amsa ba, daina turawa, ka je shagon da ƙafarka ranar da babu cinkoso, ka gaishe shi, ka nuna masa hoton shadda ɗaya a fitila da kuma a rana.