Kuran ya shiga amper 3, ya fita amper 4: ina kuskuren yake?

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni ɗalibi ne a Tahoua, ina shirin jarrabawar BAK. An ba mu batir mai bolt 24, da R1 mai om 2 a jere, bayansa R2 mai om 10 da R3 mai om 15 a paralel. Na samu jimillar om 8 da kuran amper 3. A R2 na samu amper 2,4, a R3 kuma 1,6. Abokina ya samu 1,2 a R2 da 1,8 a R3. Wa ke da gaskiya, kuma yaya mutum zai gane da kansa in ba malami kusa?

Amsa: Ƙanena, ku biyun duka kun kauce, amma farkon aikinka daidai ne. R2 da R3 a haɗe suna ba da 10 × 15 / (10 + 15), om 6 ke nan, ka ƙara 2 ya zama 8, sannan 24 / 8 ya ba ka amper 3. Tun a nan akwai abin dubawa da ido kawai. Rezistans biyu a paralel, jimillarsu dole ta gaza ƙaramin cikinsu, kuma ba za ta gaza rabinsa ba. Ƙaramin naku om 10 ne, don haka amsa tana tsakanin 5 da 10. Wanda ya samu 25 tarawa ya yi, wanda ya samu 0,17 kuwa ya manta juya lissafin 1/R a ƙarshe.

Inda ka zame shi ne ka raba 24 da 10, ka kuma raba 24 da 15, kamar dai R2 da R3 a bakin batir suke kai tsaye. R1 yana gabansu, kuma sai ya ci rabonsa kafin su samu nasu. Amper 3 ta cikin om 2 tana cin bolt 6, abin da ya saura wa rassan biyu bolt 18 ne. Da 18 za ka raba: 18 / 10 ya ba da amper 1,8 a R2, 18 / 15 ya ba da amper 1,2 a R3.

Da ka tara amsoshinka, da ka kama kanka. Dokar Kirchhoff ta mahaɗa ta ce kuran da ya shiga mahaɗa shi ne ke fita. Duk wanda ya taɓa ban ruwan albasa a Galmi ya san in hanyar ruwa ta rabu biyu, abin da ke cikin rassan ba zai fi wanda ya taho ba. Kai 2,4 da 1,6 sun ba ka amper 4, alhali 3 ce ta iso.

Na abokinka ya fi naka wuyar kamawa, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Shi 1,2 da 1,8 ɗinsa sun tashi amper 3 cif, dokar mahaɗa ba ta da ƙorafi a kansa. Lambobinsa ma na gaskiya ne, wurinsu ya musanya: ya ba babban rezistans babban rabo. A jere haka abin yake da tansiyo, babba ya fi ci. A paralel kuwa kuran ya fi bin hanya mai sauƙi, ƙaramin rezistans ke kwashe mai yawa. Dokar Kirchhoff ta biyu, ta zagaye, ita ke tona shi. Rassa biyu da suka tashi daga mahaɗa ɗaya suka sauka a mahaɗa ɗaya, tansiyonsu ɗaya ne. A lissafinsa R2 na da 10 × 1,2, bolt 12, R3 na da 15 × 1,8, bolt 27. Sun saɓa da juna, kuma 27 ɗin ma ya fi abin da batir ɗin yake da shi gaba ɗaya.

Sai lissafin wat, wanda ni da shi nake rufe kowane aiki. Abin da batir ya bayar dole ya zama daidai da abin da rezistans suka mayar zafi. Batir ya ba da 24 × 3, wat 72. Ga na amsar gaskiya:

```
P1 = 2 × 3² = 18 W
P2 = 10 × 1,8² = 32,4 W
P3 = 15 × 1,2² = 21,6 W
18 + 32,4 + 21,6 = 72 W
```

Da naka lambobin, R2 zai ci wat 57,6, R3 ya ci 38,4, da 18 na R1 ya zama 114. An kashe abin da ba a samu ba. Na abokinka 14,4 da 48,6 da 18, wat 81 ke nan, rarar 9.

Amma kula da yadda na lissafa: da R × I² na yi, ba da U × I ba, kuma da gangan. A ce abokinka ya san tansiyon rassan bolt 18 ne, ya ninka da kuransa da ya musanya. 18 × 1,2 ya ba shi 21,6, 18 × 1,8 ya ba shi 32,4, ya tara da 18, sai ga 72 ta fito, ya tafi yana murna da amsar da ba daidai ba. Dalili shi ne, muddin kuran ya bi dokar mahaɗa, tansiyo ya bi dokar zagaye, to jimillar U × I sai ta daidaita ko da an taka dokar Ohm, domin ƙimar R ba ta shiga lissafin ba. Na sha ganin wannan a takardun ɗalibai masu ƙoƙari ma. In kana so gwajin ya yi maka aiki, sa R a ciki.

Akwai kuma kuskuren da duk gwaje-gwajen nan uku ba su gani. In ka karanta zanen ba daidai ba, ka ɗauka ukun duka a jere suke, za ka samu om 27 da amper kusan 0,89, kuma komai zai daidaita, har wat ɗin. Ka warware tambaya daidai, sai dai ba ita aka yi maka ba. Maganinsa kafin ka taɓa kalkileta ne: sa wa kowace mahaɗa suna, A, B, C, ka rubuta tsakanin waɗanne biyu kowane rezistans yake. R1 tsakanin A da B, R2 da R3 duka tsakanin B da C. Waɗanda suka haɗa mahaɗa biyun nan duka su ne paralel, ko yaya aka karkata zanen.

Ɗan saɓani kamar 71,9 maimakon 72 kada ya tayar maka da hankali, daga yanke lambobin bayan waƙafi yake zuwa, ajiye uku ko huɗu har ƙarshe. In kuma kuna da niyyar haɗa wannan a ɗakin gwaji, ku fara duba P2. Ƙananan rezistans masu zoben launi da ke hannun masu gyaran rediyo yawanci kwata ɗin wat suke ɗauka, 32,4 kuwa ta ninka haka fiye da sau ɗari, hayaƙi kawai za ku gani. Ku ninka kowane rezistans sau dubu, om 2000 da 10 000 da 15 000. Tansiyo zai zauna bolt 6 da 18 yadda yake, kuran ya koma miliamper 3, batir ya ba da miliwat 72, ku auna da mita hankali kwance.