Tashar da ake ganin fuskarka, ko wadda murya kawai ake ji?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Sana'ata riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin lissafi, kuma na ƙware a Excel. Ina so in buɗe tasha a YouTube in riƙa koyar da lissafin ciniki, in samu kuɗin talla, wataƙila in samu sababbin masu ba ni aiki. Amma ba na jin daɗin tsayawa gaban kyamara. An ce min in yi tashar da ba a ganin fuska, murya kawai da hoton allon kwamfuta da guntayen bidiyon da ake samu kyauta, wai ta fi sauƙi kuma ta fi arha. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Shawarata ka fara da murya da hoton allon kwamfutarka, ka ajiye guntayen bidiyon aro a gefe, sannan ka yarda fuskarka ta fito na ɗan lokaci kaɗan. Dalilin yana cikin lissafi, kuma tunda lissafi ne sana'arka, bari mu bi ta can.

YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 tare da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12 da suka gabata, ko kuma mabiya 1,000 ɗin tare da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon Shorts a cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In muka ɗauka duk wanda ya buɗe bidiyonka yana zama minti huɗu kafin ya fita, sai an kalle ka sau 60,000 kafin ka isa bakin ƙofa, kuma wannan kallon babu kuɗin talla ko kaɗan a cikinsa. Bayan an karɓe ka, kana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogayen bidiyo. Abin da ke shiga hannunka a kan kowane kallo 1,000 shi ne ake rubutawa RPM a cikin YouTube Studio, wato shafin da mai tasha yake kula da tasharsa, kuma yana hawa da sauka gwargwadon ƙasar da masu kallonka suke da kuma irin batun da kake yi. Mu ƙaddara, don misali kawai, dala ɗaya ce. To wani kallon 60,000 zai ba ka dala 60, alhali AdSense, wadda ta hannunta YouTube take biyan masu tasha, ba ta turo kuɗi sai sun kai dala 100. Yanzu ka ajiye wannan kusa da abin da ɗan kasuwa ɗaya yake biyan ka a shekara don ka riƙe masa littafi. Kai ka san adadin, kuma ina kyautata zaton mutum biyu ko uku daga cikin masu kallon nan, in suka zama abokan hulɗarka, za su fi maka duk kuɗin tallan shekarar farko.

To tunda ribarka ta fi yawa a wajen masu ba ka aiki, abin da tashar za ta sayar shi ne amana. Mutum zai miƙa maka sirrin kasuwancinsa, bashin da ake bin sa da wanda yake bi. Irin wannan mutumin yana son ya san da wa yake magana. Da a ce tashar tarihi ce ko ta labarin taurari za ka buɗe, inda mai kallo ya zo don labarin kawai kuma talla ce hanyar kuɗin, da na ce ka ɓoye fuskarka har abada ba abin da zai ragu. Irin wannan tashar ma tana da wata fa'ida, don ana iya ɗaukar wani ya karanta, wani ya haɗa bidiyon, in mai ita ya kwanta ciwo aiki bai tsaya ba. Tashar da aka gina a kan fuskar mutum kuwa, ranar da ya gaji ranar ta tsaya. Sai dai kai ba wannan kasuwar kake ci ba.

Batun cewa tashar da ba fuska ta fi sauƙi, rabin gaskiya aka gaya maka. Kalmar ta haɗa abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba, wato ɗaukar hoton allo da kuma jera guntayen bidiyon aro. Ɗauki bidiyon minti goma. In da bidiyon aro za ka yi shi, dole ka fara rubuta duk abin da za ka faɗa, kusan kalma 1,400, ka karanta, sannan ka nemo abin da ido zai kalla yayin da kunne ke saurare. Hoton da ba shi da alaƙa ta kai tsaye da maganar yana gundurar mai kallo da sauri, shi ya sa masu wannan salon suke sauya shi kusan kowane daƙiƙa shida. Daƙiƙa 600 a raba shida, guntaye 100 ke nan. In kowanne ya ci maka minti uku wajen nema, saukewa, yankewa da daidaitawa da murya, awa biyar ta tafi, kuma ba ka koyar da komai a cikinta ba. Mai tsayawa gaban kyamara yana shan wahalarsa ne kafin ɗauka, wajen haske da shiri da maimaita jimla, amma in ya gama, yanke kurakurai kawai ya rage masa. Wahalar ba ta ɓace ba, wuri ta sauya.

Sannan ka tambayi kanka, me za ka nuna? Kana bayanin yadda ake ware jari daga riba, a allo kuma ga wasu mutane sanye da kwat suna gaisawa a wani ofis mai gilashi, ga hannu yana danna kalkuleta. Waɗannan guntayen daga shafukan bidiyon kyauta irin su Pexels ko Pixabay, dubban tashoshi sun riga sun yi amfani da su, kuma mai kallo ya sha ganin su.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Idan ka cika sharuɗɗa ka nemi shiga tsarin biya, ana duba tashar gaba ɗaya, kuma daga cikin dalilan da ake ƙin tasha akwai abin da suke kira reused content, wato kayan wasu da aka sake ɗorawa ba tare da an ƙara musu wani abin kirki ba. Akwai kuma dokar bidiyoyi masu kama da juna kamar an buga su a injin guda, wadda a watan Yulin 2025 aka sauya mata suna zuwa inauthentic content. Ka lura, samun lasisin amfani da bidiyo abu ɗaya ne, cika wannan sharaɗin kuma abu ne daban. Kana iya mallakar izini tsaf, a ce duk da haka ba a ga aikinka a ciki ba. Ɓoye fuska ba laifi ba ne a dokarsu, kuma tashoshi da yawa marasa fuska suna karɓar kuɗi lafiya. Abin da ake nema shi ne a ga gudummawar mai tasha a fili. Muryarka tana bayani a kan jadawalin da kai ka gina tana nuna hakan kai tsaye. Game da kiɗa kuwa, ka tsaya a Audio Library da ke cikin YouTube Studio, don waƙar wani da ka sa a ƙasan murya tsarin YouTube na gano kayan masu haƙƙin mallaka, wato Content ID, na iya gano ta, kuɗin tallan bidiyon ya koma wajen mai waƙar. Ni da za ka bi tawa, darasin lissafi ba ya ma bukatar kiɗa.

Hoton allo shi ne inda sana'arka ta yi maka gata, domin abin da mai kallo yake bukatar gani yana kan allon ne. A ce bidiyonka na farko shi ne yadda ɗan kasuwa zai san jimillar bashin da yake bin kowane mai saye. Ka gina jadawali na ƙirƙira, da sunayen da ba na kowa ba. Kada ka kuskura ka buɗe littafin wanda kake yi wa aiki, ko da kana ganin ka rufe sunan, don suna kan leƙo ta saman taga ko ta jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan. Ka kashe sanarwar saƙonni. Ka sauke manhajar ɗaukar hoton allo ta OBS Studio, kyauta ce, ka sa shi ya ɗauka a 1920×1080. Ka ƙara girman jadawalin zuwa kashi 150 ko fiye, saboda da yawa a waya za su kalle ka, kuma lambar da kake gani sarai a kwamfuta tana komawa kamar tururuwa a tafin hannu. Kafin ka ɗora, tura bidiyon wayarka ka gwada karanta lambobin. Sannan kada ka buɗe da doguwar gaisuwa. Nuna sakamakon tukuna, ga sunaye ga jimillar bashin kowa, sai ka goge ka sake ginawa a gabansu da `SUMIF`, kana faɗin dalilin kowane mataki.

Kuɗin da za ka kashe, sa shi a makirufo. A tashar da ba fuska murya ce take ɗauke da komai, kuma mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu fiye da yadda suke haƙuri da sauti mai amsa-kuwwa. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga ya isa, kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗaki mai labule da kafet, fanka a kashe. Ɗauki minti ɗaya na gwaji ka saurara da abin sa wa a kunne. In kana jin ɗakin fiye da muryarka, matso da makirufon.

Fuskar kuma, ba na ce ka tsaya minti goma kana kallon kyamara ba. OBS Studio yana ba ka damar sa ƙaramin hotonka a kusurwar allo yayin da kake aiki, kuma a nan idonka na kan jadawali, wanda ya fi sauƙi ga mai jin nauyi. In wannan ma ya yi maka yawa, ka fito na daƙiƙa 15 a ƙarshe ka ce ga wanda ya yi bayanin, ga yadda za a same ka. In kuwa dalilinka ya wuce kunya, misali tsaro ko sharaɗin wurin aiki, to bar fuskar gaba ɗaya, ka cike gurbin da sunan sana'arka na gaskiya da amsa tambayoyin masu kallo da kanka. Ka tuna dai ƙara fuska daga baya abu ne mai sauƙi, janye ta bayan ta yaɗu ne ba ya yiwuwa, don haka ba laifi ka fara a ɓoye.

Yi bidiyo shida a kan batutuwa masu kama da juna, uku da ƙaramin hotonka, uku babu, kana rubuta awannin da kowanne ya ci maka. Bayan wata guda ka buɗe YouTube Studio ka duba layin da ke nuna inda masu kallo suke fita. In ya faɗi warwas a daƙiƙa 30 na farko a duka shidan, matsalar buɗewarka ce, fuska ba ta da hannu. In yana gangarowa ne daidai inda kake cike lambobi shiru, yanke wurin ko ka hanzarta shi. Bidiyo shida ba za su ba ka hukunci tabbatacce ba, amma akwai abin da za ka iya ƙirgawa da hannu: duk wanda ya tuntuɓe ka don aiki, tambaye shi wane bidiyo ya gani, ka buɗe wa amsar layi a jadawalinka kusa da awannin da bidiyon ya ci.