Zazzaɓin Ɗana Ya Sauka, Amma Cikinsa Ya Ƙage: Taifot Ne Ke Warkewa?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 12 yau kwana 17 yana zazzaɓi. An yi masa gwajin Widal, aka ga 1:160, aka ce taifot ne. Ya sha siprofuloksasin har zagaye biyu. Tun jiya jikin ya yi sanyi, amma cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko taɓawa ba ya bari a yi. An ce in sake gwajin a ga ko lambar ta sauka. In sake?

Amsa: Malama, kada ki sake gwajin komai. Ki ɗauke shi yanzu zuwa asibitin da ake yin tiyata, kada a ba shi abinci ko abin sha a hanya. Ina tsoron hanjinsa ya huje. Ƙwayar taifot tana zama a wasu ƙananan ƙulluttai da ke bangon ƙarshen ƙaramin hanji, ta sa su kumbura su zama gyambo. Yawanci a mako na uku gyambon ke cinye bangon, abin da ke cikin hanji ya tsiyaye cikin ciki. A lokacin ne zafin jiki kan faɗi kwatsam, mutanen gida su yi ta hamdala, alhali bugun zuciya na ta ƙaruwa, ciki ya ƙame kamar katako. A asibiti za a sa masa ƙarin ruwa da allurar antibayotik ta jijiya, a ɗauki hoton eksire yana tsaye. Idan aka ga iska ta taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, to akwai huji, sai tiyata: a wanke cikin, a ɗinke wurin ko a yanke ɓangaren da ya lalace.

Sai batun Widal, wanda kullum sai na yi ta fama da shi har bakina ya gaji. Gwajin nan tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar cutar yake nema ba. Abin da yake aunawa shi ne martanin garkuwar jiki, wanda kan daɗe a jini wata da watanni bayan an warke. Wanda ya taɓa yin taifot, da wanda aka yi wa rigakafinsa, da mai zazzaɓin cizon sauro, duk lambarsu na iya hawa. Mai taifot na gaskiya kuma a makon farko ana iya auna shi a ga babu komai. Ko a ƙa'idarsa ta asali sau biyu ake ɗibar jini, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu. Wa ke yin haka? Sai dai a ja layi da jan biro ƙarƙashin 1:160, a ce wa mutum "taifot ya yi maka yawa", kamar lambar mudu ce da ake auna cuta. Wallahi ba haka ba ne. Lambar ba ta nuna tsananin ciwo, ba ta nuna warkewa, balle ta nuna halin da hanji yake ciki. Na sha ganin masu ciwon kai da kasala da suka shekara suna shan maganin "taifot ɗin da ya ƙi ji", ba su taɓa yin sa ba. Wanda ya ce miki a jira lamba ta sauka ga yaron da cikinsa ya ƙage, bai san aikin ba, ko da farar riga ya sa.

Gwajin da ke tabbatarwa shi ne kalca, wato a raini ƙwayar daga jini a ɗakin gwaji. Ya fi kamawa a makon farko, kafin a fara shan magani, kuma ko a hakan kusan rabin masu cutar yake ganowa. Amfaninsa babba shi ne yana faɗin maganin da zai kashe ƙwayar. Da an yi shi, da wataƙila an gane tun wuri cewa siprofuloksasin ba ya aiki a kan ta ɗanki. Maganin da ya dace kan sauke zazzaɓi cikin kwana 3 zuwa 5. Idan an kai mako ba sauƙi, maimaita shi ɓata lokaci ne. Wannan rabon antibayotik barkatai bisa takardar Widal yana cikin abin da ya koya wa ƙwayar bijirewa. Kuloramfenikol da ampisilin da kotirimokzazol sun daɗe da rasa ƙarfi a wurare da dama, kuma a 2016 aka samu nau'i a Pakistan da ko seftiriyakson ba ya ji.

Ki tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha, ki faɗa wa likitan ranar da zazzaɓin ya fara da sa'ar da ciwon cikin ya tsananta, da ko kin ga jini ko baƙin bayan gida. Allah Ya ba shi lafiya.