Sun nuna maka IRR na kashi 25, amma ka fito da asara: kafin ka tafi kotu

Malam, na karanta bayaninka, kuma na fahimci ɓacin ranka. Ka zuba miliyan 80 a aikin haƙar ma'adinai, bayan shekara ɗaya aka ba ka miliyan 184, a shekara ta biyu kuma aka turo maka takardar biyan miliyan 105, kasonka na cike ramuka da gyaran filin. Wato ka fitar da 185, ka karɓi 184. Masu aikin kuma tun farko sun nuna maka IRR, wato ma'aunin da ake auna ribar jari da shi a shekara, na kashi 25 cikin 100, shi ya sa kake ganin damfara ce tsagwaronta.

To, a nan nake so mu tsaya tukuna, don a iya abin da ka rubuto, lambar nan ba ƙarya ba ce. IRR ba riba ba ce da za ka ƙirga a hannu, wani kaso ne kawai da in aka auna kuɗin shiga da na fita da shi bisa lokutansu, lissafin zai tashi sifili. Gwada da kanka: 80 in ta ƙaru da kashi 25 ta zama 100, cire daga 184 saura 84, ita ma 84 in ta ƙaru da kashi 25 ta zama 105 daidai. Yanzu gwada kashi 5: 80 ta zama 84, saura 100, ita kuma ta zama 105. Ka ga aikin nan IRR biyu gare shi, 5 da 25, kuma duk sun ci. Haka kan iya faruwa in kuɗi ya fita, ya shigo, ya sake fita. Akantanka ya jera -80, 184, -105 a Excel daga A1 zuwa A3, `=IRR(A1:A3,0.02)` za ta ba shi 5, `=IRR(A1:A3,0.3)` ta ba shi 25.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kashi 25 ɗin nan ya dogara ne kan cewa rarar 84 da ta zauna a hannunka kai ma za ka juya ta ta kawo kashi 25 cikin shekara. In kashi 10 ka samu, ta zama 92.4 ke nan, sauran 12.6 na cike 105 ɗin daga 100 ɗin da ka ware wa kanka zai fito. Kuma lambar ba ruwanta da girman jari, wanda ya sa 10 ya karɓi 15 IRR ɗinsa 50 ne, wanda ya sa 80 ya karɓi 96 nasa 20 ne, amma ribar na biyun 16 ce, ta na farkon 5.

A shari'ance kuwa, ya danganta da dokar da yarjejeniyarku ta zaɓa, ni kuma ban ga takardar ba. Amma galibi kotu na bambanta alkawari da hasashe. In ba a rubuta an lamunce maka kashi 25 ba, asara kaɗai ba ta ba ka haƙƙin diyya. Sau da yawa ma akwai sakin layin da ke cewa ba ka dogara da wani bayani a wajen yarjejeniyar ba, ko da yake irin wannan ba kasafai yake kare wanda ya yi yaudara da gangan ba.

Abin da zai iya canza maganar shi ne ko 105 ɗin tana cikin lissafin da suka ba ka. Alkaluman sun nuna kamar tana ciki, don ba tare da ita ba IRR 130 zai fito. Saura tambayar ko sun fito da ita fili ko sun binne ta, kuma ko sun san akwai amsa ta biyu suka zaɓi mai kyan gani. Gaskiya hakan bai kwanta min ba, duk wanda ya iya haɗa lissafin nan ya kamata ya san da kashi 5 ɗin. Sai dai tabbatar da abin da mutum ya sani a gaban alƙali aiki ne ja, mai cin kuɗi da lokaci.

Kada ka ƙi biyan 105 ɗin haka kawai, kana iya zama kai ne ka karya yarjejeniya. Lauyanka ya rubuta musu kamar yadda aka saba, ya nemi cikakken fayil ɗin lissafin da rasitan kuɗin gyaran filin, ya duba wa'adin shigar da ƙara da kuma ko akwai sharaɗin zuwa gaban mai sasanci kafin kotu. Ni da za ka ji tawa, zaman sulhu za ka nema, ka sa lambobin nan biyu a gabansu, ka nemi ragi a kan 105 ɗin ko a raba maka biyan zuwa shekara biyu ko uku.