Mai gida ya aiko da saƙon bashin kuɗin gadi, dizal da shara

Tambaya: Ina haya a wani gida mai fulat shida a Kubwa, Abuja, ɗaya babu kowa a ciki. Mai gida ya turo min saƙo wai ana bi na ₦230,000 na wata biyu, kuɗin maigadi da man janareta da kwashe shara, in ban biya cikin kwana bakwai ba zai yanke min wuta ya ba ni takardar tashi. Ni kuwa wata guda ma ba na gari, kuma bai taɓa nuna mana lissafi ba. In biya ko in ƙi?

Amsa: Malam, kada ka ƙi, kada kuma ka tura kuɗin ido rufe. Wannan kuɗi ba na haya ba ne da mai gida zai sa a aljihu. Karo-karo ne ake damƙa masa amana ya saya muku aiki da shi, wanda ya riƙe amana kuwa dole ya kawo lissafi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma ta rubuta shi ƙarara: rasit daban, da rubutaccen bayanin yadda aka kashe kuɗin aƙalla duk wata shida. Dokar ba ta aiki a Abuja, don haka kai yarjejeniyar hayarka ce madogararka. Ɗauko ta ka duba ko an yanke adadi ne, ko an ce za a raba abin da aka kashe.

Ina kula da gidajen haya, kuma kusan duk rigimar da na raba a kan dizal take. Bari mu gwada lissafi. A ce janaretanku mai ƙarfin kVA 20 ne. Irinsa, da matsakaicin lodi, yakan sha kamar lita 4 a awa. Idan ana tayar da shi awa uku kullum dare, awa 90 ke nan a wata, lita 360. A ce lita ₦1,400 ce, dizal ya tashi ₦504,000. Ƙara albashin maigadi, a ce ₦60,000, da shara ₦12,000, jimla ₦576,000. Raba wa gida biyar, kowa ₦115,200 a wata, wata biyu ₦230,400. Ka ga adadin da aka turo maka ba abin mamaki ba ne, in dai an kunna injin awa 90 ɗin da gaske.

A nan gizo ke saƙar. A fuskar janareta akwai mita mai ƙirga awannin da ya yi yana aiki, ba ta komawa baya. Je ka da maigadi ku duba, ka ɗauki hotonta yau, ka sake ɗauka bayan wata guda. Idan awa 60 ta ƙaru tsakanin hotunan biyu, lita 240 ce, ₦336,000, kason kowa na dizal ya sauko daga ₦100,800 zuwa ₦67,200. Na taɓa samun gidan da rasit ke cewa jarka goma sha takwas, mita kuwa ta ce injin bai isa shan goma sha biyu ba. Ba mai gidan ne ya ci ba, wanda ake aika sayen man ne. Shi ya sa kada ka fara da zargi.

Fulat ɗin da ba kowa: ba ya shan wuta, adalci ne ku biyar ku ɗauki dizal. Amma ana gadinsa kamar kowane, kasonsa na gadi a wuyan mai gida yake, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka.

Tafiyar da ka yi kuwa, gaskiya ba ta sauke maka nauyi. Maigadi ya kwana a kan kayanka, injin ma bai huta don ba ka nan ba, kuma abin da ka riƙe maƙwabtanka ne suka cike. Sai in kowane fulat na da mitarsa ta wutar janareta, sannan za ka biya daidai abin da ka sha.

Ka ba shi amsa a rubuce tun kwana bakwan ba su cika ba, kamar haka: "Ranka ya daɗe, na ga saƙo. Na tura ₦150,000 ta banki a kan kuɗin gadi, shara da dizal na wata biyun. Ina roƙon a turo min rasit ɗin dizal, awannin janareta da yadda aka raba, in cika ragowar." Rubuta dalilin biya a kan tiransifar, kuma kada ka zabtare komai daga kuɗin haya.

Batun tashi, saƙon waya ba ya fitar da ɗan haya. Mai hayar shekara-shekara, in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, notis ɗin wata shida yake samu, sai na kwana bakwai, sai kotu. Idan aka taɓa mitarka ta kamfanin wuta ko aka garƙame maka ƙofa, ɗauki hoto ka ga lauya. Layin janareta kuwa, yarjejeniyoyi da yawa sun yarda a cire wanda bai biya ba, saboda haka karanta taka tun kafin ranar.